Yadda za ka nemi Alhaji ya haɗa ka da babban ɗan kasuwa ba tare da ka ɗaure shi ba

Tambaya: "Ni manomin albasa ne, gonata tana wajen Tamaske, ina zaune a Tawa. Bana na ajiye abin da zai kai buhu 180 a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, kuma ina so in sayar kai tsaye ga wani babban ɗan kasuwa da ke Yamai, mai kai kaya Kumasi. Aminin mahaifina, wani Alhaji, ya san shi shekara da shekaru. Nauyin yi masa magana nake ji, don na san ko bai so ba, ba zai iya ce mini a'a ba. Yaya zan roƙe shi ba tare da na takura shi ba?"

Amsa:

Ƙanena, kafin ka je wurin Alhaji, sai ka san abin da kunnensa zai ji idan ka ce "ku haɗa ni da wane". A bakinka magana ce ƙarama. A kasuwa kuwa kalmar haɗawa tana da nauyi hawa hawa. Akwai wanda zai yarda ka ambaci sunansa kawai idan ka je. Akwai wanda zai isar da saƙonka ya tambayo ko ana son jin ka. Akwai wanda zai kama hannunka ya kai ka har rumfa. Sannan akwai na ƙarshe, wanda zai tsaya maka, wato idan kayanka suka ɓaci ko kuɗi suka maƙale, shi za a kira. Duk wanda ya daɗe a harkar albasa ya san tun zamanin fatake haka maigida yake: shi ke saukar da baƙo, shi ke nemo masa mai saye, shi kuma ke lamuni. Saboda haka idan ba ka fayyace wanne kake nema ba, dattijo mai hankali zai ɗauka mafi nauyin kake nufi, don shi ne wanda zai iya cin sa. Abin da ke sa ya yi shiru ke nan, ya ce "to, bari mu gani", ku kuma shiga wasan ɓuya na wata guda.

Na koyi wannan ne da aljihuna. Na shekara fiye da ashirin ina kai da komo tsakanin manoman Adar da masu saye na Yamai, kuma akwai shekarar da wani yaro, ɗan maƙwabcinmu, ya tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, gaban mutane, ya ce in ba shi lambar wani maigidana. Kunya ta hana ni ƙi, na karanta masa. Kwana uku bayan haka ya kira mutumin ya ce ni na turo shi, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami a kan kayan da bai gama tarawa ba. Da mota ta zo, rabin abin da ya faɗa aka samu. Ba yaron aka kira ba, ni aka kira, kuma ni na cika gibin. Yaron ba ɓarawo ba ne, zumuɗi ne kawai da rashin lissafi. Amma tun daga ranar, duk wanda ya ce in haɗa shi da wani, sai na ji gabana ya faɗi. Ka ɗauka Alhajinka ma yana da irin wannan labarin, ko bai taɓa ba ka shi ba.

To abin da za ka nema a wurinsa shi ne hawa na biyu, isar da saƙo da neman izini, kuma ka faɗa masa da bakinka cewa iyakarsa ke nan. Wannan shi ne abu mafi sauƙi da zai iya karɓa, don minti biyu zai ci masa. Shi ne kuma mafi sauƙin ƙi, don ba a ɗora zumuncinku a kansa ba.

Wurin da ka yi maganar yana da tasiri fiye da yadda kake zato. Kada ka yi ta a majalisa, ko wurin suna, ko a gaban mahaifinka. Idan mahaifinka yana zaune, Alhaji ba kai zai amsa wa ba, amininsa zai amsa wa, kuma amini ba ya cewa a'a a kan ɗan amininsa. Haka nan kada ka bi ta hannun Hajiya. Ka je gaisuwa kai kaɗai, lokacin da ka san zaure babu kowa, ka yi gaisuwarka cikakkiya yadda ka saba, sannan da za ka tashi ka kawo maganar a taƙaice. Ga yadda ni zan so a faɗa mini:

"Baba, akwai wata ƴar magana, amma ba ta gaggawa ba ce. Ina da albasa a rudu, ina tunanin gwada sayar wa Alhajin nan na Yamai. Ban san yadda kuke da shi a yanzu ba, ban kuma san ko yana sayen ta irina ba, ku kuka fi ni sani. Ba cewa nake ku tsaya mini ba, ba kuma lambarsa nake nema ba. In kun ga ya dace, zan turo muku ɗan saƙo ku miƙa masa, in yana da buƙata shi ya neme ni. In kuma kun ga bana ba lokacinsa ba ne, wallahi ba komai, ina da masu saye a Tamaske. Kada ku ba ni amsa yanzu."

Ka lura da abin da kowace jimla take yi. Da ka ce ba ka san yadda suke a yanzu ba, ka buɗe masa ƙofa ta farko. Sanin mutum shekara talatin ba ya nufin ana ɗasawa yau. Wataƙila akwai bashi tsakaninsu, wataƙila Alhaji ya nemi wata alfarma wurinsa watan jiya ba ya son ya koma da wata, wataƙila kuma dillalin da ke tara wa mutumin kaya a yankinku surukin Alhaji ne, kai kuwa abin da kake nema shi ne ka tsallake dillalin. Ba zai faɗa maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ba hurumin ka ba ne ka sani. Abin da yake buƙata shi ne dalilin da zai iya furtawa ba tare da ya yi ƙarya ba, ba tare da kuma ya ce kai ne ba ka isa ba. "Mun kwana biyu ba mu yi waya ba", ko "bana ya riga ya cika", duk amsoshi ne da ka riga ka shimfiɗa masa tabarmarsu.

Da ka ce kana da masu saye a Tamaske, ka sauke masa wani kaya dabam. Dattijo ba ya iya ƙin yaron da ya nuna cewa duk rayuwarsa ta rataya a kan wannan alfarmar. Idan ka shiga da labarin bashin taki da kuɗin makarantar yara, ka ɗaure shi, zai ce to, sannan ya kasa yi, sannan ya fara guje wa wayarka. Amma fa ya zama gaskiya ne. In ba ka da wata hanya ko kaɗan, ka fara nemo ta kafin ka je, don mai kaya da ba shi da mai saye na biyu ko an haɗa shi ba zai iya yin ciniki ba.

"Kada ku ba ni amsa yanzu" kuwa ita ce mafi muhimmanci, kuma ita matasa suka fi mantawa. Mu Hausawa ido da ido ba mu iya ƙi ba. Duk amsar da aka ba ka kana durƙushe gabansa, ta kunya ce. Ka faɗi maganarka, ka yi sallama, ka tashi. Ko ya ce "ah, wannan ai ba wani abu ba ne, bari in kira shi yanzu", ka ce "a'a Baba, ku bari in turo saƙon tukuna". Wannan kiran na nan take, da kai zaune ana sa waya a lasifika, shi ma takura ne, sai dai wannan karon mutumin Yamai aka takura. Zai ce "to, ya zo mana", don ba zai kunyata Alhaji ba, kai kuma ka hau mota ka yi tafiyar sama da kilomita 500, ka bi Ƙonni, Dogondutsi, Doso, ka isa ka tarar an ce ya fita. Mutum biyu ne ke da haƙƙin cewa a'a a wannan harka, kuma kowannensu yana buƙatar ya faɗe ta ba ka wurin.

Yanzu saƙon kansa. Da yamma, ko washegari da safe, ka tura wa Alhaji abu biyu ta WhatsApp, kowanne dabam. Na farko nasa ne shi kaɗai: godiya, da tunatarwa cewa ba dole. Na biyu shi ne wanda zai miƙa, kuma dole ya tsaya da ƙafarsa, ta yadda wanda bai taɓa jin sunanka ba zai fahimce shi ba tare da an yi masa ƙarin bayani ba. Kuskuren da nake gani kullum shi ne a haɗa su wuri guda: saƙon murya na minti huɗu, rabinsa gaishe da Hajiya da tambayar ciwon ƙafa, sannan can ƙarshe maganar albasa. Alhaji ba zai iya tura wannan ga abokin kasuwancinsa ba. Dole ya sake tsara maganar da bakinsa, kuma da zarar ya faɗe ta da bakinsa, ta zama maganarsa. Buhu 180 da kai ka ƙiyasta sun zama buhu 180 da Alhaji ya ce akwai. Ka ga ka mayar da shi mai lamuni ba tare da ka nufa ba. Idan kuwa muryarka ce ta tafi, da alamar nan da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka miƙo, kowa ya san wa ya yi magana.

Saƙon miƙawar kada ya wuce minti ɗaya. Ga misalinsa da naka alƙaluman:

"Salamu alaikum Alhaji, ina yi muku fatan alheri. Sunana wane, manomi ne ni a yankin Tamaske. Ina da albasa ƴar Galmi, noman hannuna, wadda na cire a watan Afrilu na ajiye a rudu. Na zuba abin da ya kai buhu 180, amma bayan an tsince ina sa ran 140 zuwa 150 masu kyau. Babbar mota tana zuwa har kusa da wurin. Ina so in sayar cikin watan Satumba, kuɗi hannu, ba na neman a ba ni komai tun kafin a ga kaya. In kuna da buƙata, ku ko yaronku da ke wannan yanki ya zo ya duba. Ga lambata. In ba ku da buƙata bana, ba sai kun wahalar da kanku da amsa ba. Na gode."

Bari in tsaya a kan lissafin nan, don a nan ake gane mai hankali. Kai ka ce mini 180, amma wannan lissafin ranar da ka zuba ne. Albasar da ta kwana a rudu tun Afrilu ta ratsa zafin bazara da laimar damina, ta bushe ta rage nauyi, wata ta ruɓe, wata ta tsiro. Mutumin Yamai ya fi ka sanin haka. In ya ji ka ce 180 a watan Agusta ba tare da ka rage komai ba, zai gane ɗayan biyu: ko ba ka buɗe rudun ka duba ba, ko kana ƙara gishiri. Ni 140 zuwa 150 ɗin da na sa misali ne kawai. Kai ka je ka buɗe, ka ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, ka tsince abin da zai cika buhu biyar, ka ga nawa suka fita lafiya, sannan ka yi lissafinka a kan wannan. Ka faɗi adadin da ka tabbata za ka iya cikawa ko da an ƙara samun ɓarna. Ranar lodi, gara a samu ƙari a kan abin da ka faɗa, don duk buhun da ya gaza, a fuskar Alhaji zai gaza.

Ka kuma san cewa kayanka ba za su cika masa babbar mota ba. Mai kai kaya Kumasi da mota yake lissafi, shi ya sa na ce ka ambaci yaronsa na yankin. Mai yiwuwa ne amsar da za ka samu ita ce a haɗa ka da wanda ke tara masa kaya a Tamaske ko Galmi ko Tsarnawa, a zuba naka cikin na wasu. Kada ka raina wannan. Ga mai buhu ɗari da ƴan kai, shi ne ainihin ƙofar, kuma saƙon da ya nuna ka san haka ya fi saurin samun karɓuwa a kan wanda ya nace sai ya ga maigida da kansa.

Farashi kuma kada ka sa shi a saƙon. Kuɗin buhu yana motsi mako mako, musamman daga ƙarshen damina, kuma idan ka sa shi, ka sa Alhaji a tsakiyar ciniki: za a ce masa "yaronka ya tsawwala", shi kuma ya dawo yana roƙon ka rage. Abin da ya wajaba ya fito fili shi ne tsarin biya. Jimlar nan ta "ba na neman a ba ni komai tun kafin a ga kaya" ita ce za ta kwantar wa mutum biyu da hankali lokaci guda, don babban ɗan kasuwa idan ya ji an ce ga yaron wane, abin da ya fara zuwa ransa shi ne an zo neman jari. Ka haɗa da ɗan bidiyo da ka ɗauka a ranar, ka nuna cikin rudun, ka yanka guda biyu a gani, kada ka zaɓo manyan kawai ka jera a gaba. Ka kuma rubuta adadin da lambar wayarka a rubuce ƙarƙashin muryar, don ba wanda zai sake sauraren saƙo sau uku yana neman lamba takwas. Wani ɗan abu kuma: ka tambayi Alhaji da wane harshe suke magana da mutumin. A kasuwannin Yamai irin su Katako Hausa tana tafiya, amma akwai manyan da Zabarmanci ya fi zama musu daidai, akwai kuma waɗanda sakatarensu ne ke duba saƙo da Faransanci.

Ka ga dai lambarka ce ta tafi, tasa ba ta zo ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Lambar babban mutum amana ce a hannun wanda ya riƙe ta, kuma da zarar ta shiga wayarka, ba mai iya dawo da ita. Haka nan kada ka buɗe rukunin WhatsApp ka jefa su biyu a ciki ka ce "ga Baba, ga Alhaji". Na ga an yi, kuma abin da ya biyo baya shi ne shiru daga kowane ɓangare, don ka tsayar da dattawa biyu a fili kana jiran ka ga wa zai fara magana.

Saura maganar lokaci. A saƙon da yake na Alhaji shi kaɗai, ka sa rana, amma ka sa ta yadda shirunsa zai zama cikakkiyar amsa. Misali: "Baba, ni dai zan fara magana da masu saye na nan bayan Juma'a biyu. In ba a samu dama ba kafin nan, zan ci gaba da su, ba sai kun kira ni ba." Wannan ya bambanta da ka ce "ina jiran amsarku kafin Juma'a". Na biyun wa'adi ne ka ba babba, ba a yi. Na farkon kuwa labarin shirinka ne ka ba shi, kuma ka ba shi hanyar ƙi wadda ba ta buƙatar ya buɗe baki. Kai ma ta amfane ka, don albasa ba ta jiran kunyar kowa. Kowane mako da ka ƙara kana jira, rudun yana ci.

Yadda za ka gane amsar ba wuya in ka san abin da kake saurare. "In sha Allah" ita kaɗai ba ta nuna komai, don mai niyya da marar niyya duk suna faɗin ta. Abin dubawa shi ne tambaya. Wanda zai yi, zai fara yi maka tambayoyi masu ƙaiƙayi: da taki nawa ka noma ta, ka daina ban ruwa da wuri kafin cirewa, naka ne duka ko da na wasu, akwai wanda ya riga ya ba ka kuɗi a kanta? Kada ka ji haushi, yana auna abin da zai sa sunansa ne. Ka amsa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ba zai yi ba kuwa, yabo zai yi maka. Zai ce kai yaron kirki ne, Allah Ya yi albarka, mutumin yana yawan tafiye-tafiye, bari ya dawo. Idan ka ji yabo babu tambaya, kuma mako ya wuce, to ka samu amsarka. Tuni sau ɗaya ya halatta, don dattijo yana iya mantawa da gaske, kuma shi ma ka yi shi a cikin gaisuwa: "Baba, saƙon nan dai ya shigo ko?" Bayan wannan ka bar maganar. Abin da ya rage maka shi ne ka koma gaishe shi a lokacin da ka saba, ka zauna ku yi hirar damina, kada ka ambaci albasa. In ka ɗauke ƙafa bayan ya ƙi, ka nuna masa "ba komai" ɗin da ka faɗa ba gaskiya ba ne.

Mutane kan tambaye ni ko su riƙa wani abu a hannu ranar da za su je roƙon. Ni ina hana wa. In ka saba kai masa goro ko kwandon albasa duk shekara, ka ci gaba a lokacin da ka saba. Amma kyautar da ta zo rana ɗaya da roƙo igiya ce, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. La'ada kuma wata magana ce dabam, kuma ya kamata ka san matsayin Alhaji tun farko. In shi dillali ne, sana'arsa ke nan, to sai a yi maganar a fili, nawa ne a kan buhu, wa zai biya, kuma a nan ba alfarma kake nema ba, aiki ka ba shi, shi ma ya san ya shiga ciki da ƙafa biyu. In kuwa dattijo ne da zumunci kawai ya haɗa shi da mutumin, yi masa tayin kaso tun kafin a yi komai zai iya zama cin fuska. Ka bari ciniki ya faɗa, sannan ka kai masa alheri a matsayin ɗa.

A ce an dace, wayarka ta yi ƙara, ko Alhaji ya ce "ya ce ka kira shi". Ka kira a ranar ko washegari, kada ka bari ta huce. Kuma ka kula da kalmar da za ka fara da ita. Ka ce "ni ne mai albasar Tamaske da Alhaji wane ya miƙo muku saƙona". Kada ka ce "Alhaji ne ya turo ni", don turowa tana nufin aike, aike kuwa yana nufin da yawunsa kake magana. In mutumin ya tambaye ka yadda kuke da Alhaji, ka faɗi iyakar gaskiya: aminin mahaifina ne, amma bai taɓa sayen kayana ba, bai ma ga waɗannan ba. Za ka ji kamar ka rage wa kanka daraja, amma ɗan kasuwa ya fi natsuwa da wanda ya ce a zo a duba a kan wanda ke jingina da sunan wani. Kuma ka tsaya a kan abin da saƙonka ya ƙunsa. An buɗe maka ƙofa a kan albasar bana. Ba ranar ba ce za ka nemi a ba ka injin ban ruwa bashi, ko a ɗauki ƙanenka aiki a sito.

Akwai wani wuri da abin kan juye, wanda ba kasafai masu tambaya irinka ke hango shi ba. Mai yiwuwa ne mai sayen ya ce a loda, kuɗi sai mota ta sauke a Kumasi. Wannan tsari ne da ake yi a harkar, amma ka tuna kai ka ce wa Alhaji bai tsaya maka ba, to haka nan bai tsaya wa mutumin ba. In ka yarda da bashin, da idonka ka yarda, kuma in biya ya yi jinkiri ba ka da bakin zuwa zaurensa ka ce ya karɓo maka. In kana son jin ra'ayinsa, ka tambaye shi kafin a loda, tambaya ta neman shawara: "Baba, in ku ne, za ku ba shi a haka?" Yadda ya amsa, ko yadda ya yi jim kafin ya amsa, ya ishe ka. Ni a cinikin farko da mutumin da ban taɓa hulɗa da shi ba, nakan nemi a biya a wurin lodi, ko a turo ta kamfanin aika kuɗi irin su Nita ko Amana in ga saƙon shigar kuɗin kafin mota ta tashi, ko da hakan zai sa in sauko kaɗan a farashi.

Duk yadda ta ƙare, Alhaji ya ji daga bakinka kafin ya ji daga na mutumin. Bayan kiran farko ka tura masa gajeren saƙo: mun yi magana, yaronsa zai zo ran Talata. Bayan an duba kaya ka sake faɗa masa, ko an daidaita ko ba a daidaita ba. In ba a daidaita ba, ka ce farashi ne bai zo ɗaya ba, kada ka kai ƙarar abokinsa wurinsa. In kuma matsalar daga wajenka take, a ce an tsince an samu 120 maimakon 140, ka kira shi a daren, ka faɗa masa adadin da abin da kuka yanke a kai, tun kafin wayar Yamai ta shigo masa.